Na'urata tana tashi ba wanda ya kira ta, ina gizo ke saƙar?

Ɗan_Lantarki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa wata 'yar na'ura mai kunna fitila da fanka da murya, ba ruwanta da intanet. Allon ESP32-S3 ne, makirfo INMP441 ta I2S, sai rile biyu, wato makunnan da allon ke kunna fitila da fanka da su. Kod ɗin a ESP-IDF na rubuta shi, modal ɗin kalmar kira kuma, wato manhajar da ke gane sunan da ake tayar da na'urar da shi, da microWakeWord na horar da shi, yana gudana a kan TensorFlow Lite Micro. Sunan da nake kiranta da shi "Bala". Idan ta ji sunan sai ta saurara na sakan 5, wani ƙaramin modal na biyu ya tantance ko an ce kunna fitila, kashe fitila, kunna fanka ko kashe fanka.

A kwamfuta gwajin ya ba ni kashi 98 cikin ɗari. Amma da na maƙala ta a bangon falo, abin ya zama wani iri. Da yamma in ana hira ko talabijin na kunne, tana tashi sau shida zuwa takwas a awa ɗaya ba wanda ya kira ta, har ta taɓa kashe fanka da kanta. Ni kuma in na kira ta daga bakin ƙofa sai ta yi kunnen ƙashi. Ta yaya modal mai kashi 98 zai yi haka?

BabanAmira:
Wa alaikumus salam. Wannan ai mai sauƙi ne ɗan'uwa, ɗaga mizanin kawai, wato makin da sai modal ya kai shi kafin na'urar ta tashi. In a 0.9 ka sa shi, kai shi 0.99. Haka na yi wa tawa ta natsu.

Malama_Sigina:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Lantarki, kafin ka taɓa mizani, mu fara da wannan kashi 98 ɗin, don shi ne ya rufe maka ido. A gwajin kwamfuta, gutsuren sauti ake miƙa wa modal ɗaya bayan ɗaya, wasu da kalmar, wasu babu. A falo kuwa ba hutu, sauti ne ke ta kwarara. microWakeWord yana yanke hukunci kusan duk bayan milisakan 30. Raba awa ɗaya da wannan, za ka samu hukunci 120,000. Cikinsu duka, wataƙila sau biyu ko uku ne wani ya ce "Bala" da gaske. Sauran duk amsarsu "a'a" ce.

To ka ga ko da sau ɗaya tak yake kuskure cikin kowane 10,000, tashin ƙarya 12 ke nan a awa. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa auna kalmar kira da kashi nawa cikin ɗari. Abu biyu suke ƙirgawa dabam-dabam: sau nawa take tashin ƙarya a awa, da kuma sau nawa cikin ɗari aka kira ta ta ƙi amsawa. Wanda ya ba ka ɗaya ya ɓoye ɗaya, bai faɗa maka komai ba. Ka faɗa mana: awa nawa na maganar da ba kalmar a ciki ka yi gwaji da su?

Ɗan_Lantarki:
Malama, horon an yi shi da tarin maganganun da ke zuwa tare da microWakeWord. Gwajin nawa kuwa gutsattsari ne kusan 600, rabi "Bala", rabi wasu kalmomi. In an haɗa su duka ba su wuce minti goma sha biyar ba.

Makerin_Allo:
Malama, lissafinki ya yi, sai dai akwai gyara kaɗan. Hukunci 120,000 ɗin nan ba kowanne ke cin gashin kansa ba. Na yanzu da na bayansa kusan sauti ɗaya suke dubawa, kuma ba a kan hukunci guda ake tashi ba, ana ɗaukar matsakaicin biyar na ƙarshe ne. Saboda haka ba za a ninka kai tsaye a ce ga adadin da zai fito ba.

Malama_Sigina:
Gaskiyarka, Malam Makeri. Na kawo lissafin ne don a ga girman tazarar, ba don a yi hasashe da shi ba. Kuma maganarka ita ce dalilin da ya sa dole a auna a kan dogon sauti mai gudana, yadda na'urar ke ji, ba a kan yankakkun gutsattsari ba.

Ƙanwar_Injiniya:
Yaya Ɗan_Lantarki, ni tambayata dabam ce. Me ya sa ba za ka ɗauki tsohuwar waya ka sa ta riƙa saurare ba? Ai wayoyi sun iya gane murya sosai, sai ta aika wa rile ɗin umarni ta Wi-Fi.

Makerin_Allo:
Ƙanwata, abin da yake so shi ne komai ya ƙare a cikin akwatin, kada murya ta fita gida. Masu sauraro na waya da yawa kalmar kira kaɗai suke ganewa a kan wayar, sauran maganar sai su tura ta saba. Amma ki lura, rashin intanet ba ya nufin rashin Wi-Fi. Ni tawa tana tura umarni ta Wi-Fi zuwa Raspberry Pi da ke ɗaki na gaba, ba abin da ke haura rauta. Shi kuma ya zaɓi ko wannan ma babu.

Tsohon_Rediyo:
Yarana, kuna ta maganar modal ba wanda ya tambayi makirfo. Ɗan_Lantarki, ka taɓa naɗar abin da allon ke ji ka saurara da kunnenka? Yi wannan tukuna. Na ga an sha wahalar horo a banza alhali sautin da ke shiga ne ya lalace.

INMP441 tana ba da bit 24 ne a cikin ramin bit 32. Modal ɗinka bit 16 yake so. In ka tura bit ɗin dama da 16 ka ɗauki na sama kawai, sautin zai fito tsaf amma da rauni, mai magana daga nesa ba zai kai ba. In ka tura da 14 ka ninka ƙarfin sau huɗu, wato 12 dB, amma wanda ya yi magana a kusa zai iya wuce iyaka. A nan haɗarin yake: in ba ka datse ba, lambar da ta wuce 32767 sai ta juya ta koma ƙasa da sifili, ka ji wata ƙara kamar tsagewa. Haka ya kamata:

```c
int32_t s = raw[i] >> 14;
if (s > 32767) s = 32767;
if (s < -32768) s = -32768;
pcm[i] = (int16_t)s;
```

Ka kuma duba ƙafar L/R. In a ƙasa ka ɗaure ta, hagu take magana, kod ɗinka ma hagu zai karanta. Kada ka bar ta a sake.

Ɗan_Lantarki:
Allah Ya ƙara girma Baba. Da 16 nake turawa, L/R kuma a GND take. Na naɗa na saurara yanzu. A kusa muryar na fita sosai, daga bakin ƙofa, kimanin mita huɗu, da ƙyar ake jin ta, kuma amsa-kuwwar ɗakin ta lulluɓe ta.

Tsohon_Rediyo:
To ka samu rabin amsar kunnen ƙashin. A fili, duk ninkin nisa sauti na raguwa da 6 dB. Daga rabin mita zuwa mita huɗu ninki uku ne, 18 dB ke nan. A cikin ɗaki ba ya raguwa har haka saboda bango na dawo da shi, amma abin da ke dawowa ya riga ya cakuɗe, ƙarshen gaɓa ɗaya na hawa kan farkon ta gaba. In duk muryoyin horonka a bakin makirfo aka ɗauke su, modal ɗin bai taɓa jin irin wannan "Bala" ba.

BabanAmira:
Ni har yanzu ina kan bakana game da mizani. Kuma a ƙara VAD, mai gane ko magana ake yi ko ba magana ba. A ESPHome layi ɗaya ne. Ga yadda nawa yake:

```yaml
micro_wake_word:
  vad:
  models:
    - model: okay_nabu
      probability_cutoff: 0.99
      sliding_window_size: 5
```

Tunda na sa haka ban ƙara jin ta tashi da dare ba.

Malama_Sigina:
Baban Amira, taka ta natsu ne saboda abu biyu da shi ba shi da su. Kana amfani da `okay_nabu`, kalma mai gaɓa huɗu da ba a faɗarta a hira, kuma damuwarka ƙarar dare ce, ba magana ba. VAD yana maganin ƙarar ƙofa, faɗuwar cokali, kukan fanka. Mai karanta labarai a talabijin kuwa magana yake yi, VAD zai buɗe masa ƙofa.

Mizanin ma akwai iyakarsa. Modal ɗin an matse shi zuwa bit 8, amsarsa matakai 256 ce kawai. 0.97 na daidai da kusan 247, 0.99 kuma kusan 252. Taku biyar ne tsakaninsu. In tashin ƙaryar na fitowa da 254 ko 255, wato modal ɗin ya haƙiƙance ya ji sunansa, ba inda za ka ɗaga mizanin ya tsere musu. Kuma mutumin da tuni ba a jin sa daga bakin ƙofa, in ka ɗaga masa mizani ka ƙara toshe kunnen na'urar ne.

Malam Ɗan_Lantarki, ga abin da zan yi in ni ce. Na farko ka san me ke tayar da ita. Sauti a 16 kHz, bit 16, yana cin 32 KB a sakan. Ka ware 96 KB a PSRAM, ƙarin memorin allon, su riƙa juyawa, kullum suna riƙe da sakan 3 na ƙarshe. Duk lokacin da ta tashi, ka zuba su a katin memori a matsayin WAV, sunan fayil ɗin ya ƙunshi lokaci da makin da modal ya bayar. Ka cire rile ɗin tukuna, ka bar ta ta yi ta tashi. Bayan kwana biyu ka zauna ka saurari abin da ta tara.

Shiru_Kalau:
Ina da magana a kan wannan. Kafin a fara naɗar sauti a falo, a gaya wa mutanen gida, a kuma gaya wa baƙo. Dalilin gina irin wannan na'ura tun farko shi ne kada a saurari mutane a ɓoye. Ka sa fitila ja mai nuna ana ajiye sauti, da maɓallin da ke yanke wutar makirfon kai tsaye, ba ta kod ba. In ka gama aiki da fayilolin ka goge.

Ɗan_Lantarki:
Haka ne, kowa a gidan ya sani kuma sun yarda. Maɓallin zan ƙara shi.

Mai_Solda:
Bari in kawo tawa, ko za ta yi wa wani amfani. Tawa ba talabijin ke tayar da ita ba. Duk sanda rile ya ɗauka sai ta sake tashi bayan ƙiftawar ido. Na ɗauka ƙarar "ƙas" ɗin ce makirfo ke ji, na nesanta su, abin bai daina ba. Ashe ta waya take bi. Kwayil ɗin rile na jan wuta daga layi ɗaya da allon, wutar makirfo ta girgiza, sautin ya yi tsalle. Da na ba rile layinsa dabam, na sa kafasita 100 nF dab da ƙafar VDD ta makirfo, na kuma gajarta wayoyin I2S, sai ta daina. Na ƙara da cewa bayan kowane umarni ta yi banza da duk abin da ta ji na sakan ɗaya.

Kuma don Allah, ɓangaren da wutar gida ke bi a raba shi da allon sosai, a rufe shi cikin akwatin roba. Kada a gwada makirfo da hannu alhali wayar 230 V na tsirara a gefe.

Makerin_Allo:
Mai_Solda ya tuna mini. Wani zai zo ya ce a sa AEC na ESP-SR, mai share amsa-kuwwar sifika, ya share talabijin. Ba zai yi ba. AEC yana cire sautin da na'urar da kanta ta fitar ta sifikarta ne, don tana da kwafinsa. Sautin talabijin ba ta da kwafinsa, a wurinta mutum ne kawai ke magana a ɗakin. Makirfo biyu na iya taimakawa wajen karkata kunne zuwa wani ɓangare, amma in kai da talabijin kuna gefe ɗaya, shi ma ba zai raba ku ba.

Ɗan_Lantarki:
Na dawo da sakamako. Ta tara fayil 41. Na saurare su duka, kuma abin ya fito fili. A 27 daga ciki mutum ne ya ce "ba laifi", "ba labari", "balle" ko "bala'i". "Ba laifi" kaɗai ta kai rabinsu, kuma makinta 250 zuwa 255, yadda Malama ta ce. Guda 9 talabijin ne, yawanci waƙa ko talla. Sauran 5 ban ji komai ba sai wani gurnani ƙasa-ƙasa.

Malama_Sigina:
Madalla. Yanzu muna magana a kan abin da aka ji, ba zato ba. Waɗannan 27 ɗin modal bai yi kuskure irin wanda kake tsammani ba. "Ba la" ɗin da ke farkon "ba laifi" sautinsa ya yi kusa ƙwarai da kalmarka, kuma modal mai gudana ba ya jiran abin da zai biyo baya. Da ya ji gaɓa ta biyu ta cika sai ya ɗaga hannu, kafin "ifi" ta iso.

Shawarata ka sauya kalmar. Gaɓa biyu ba ta kai rabin sakan ba, shaidar da modal zai dogara da ita ta yi kaɗan, kuma b da l da wasalin a suna ko'ina a magana. Ka duba waɗanda aka saba da su, "Alexa" gaɓa uku, "Okay Nabu" huɗu. Ka nemi gaɓa huɗu zuwa biyar, masu baƙaƙe mabambanta, waɗanda ba a jera su haka a hira. Misali "Zakanya tashi". Akwai z, akwai k, akwai sh. Sai dai ka tabbata tsawon sautin da modal ke iya riƙewa ya ɗauke jimlar duka, har ga mai jan magana.

BabanAmira:
Amma Malama doguwar kalma gajiyar da mutum take yi. Kullum sai ka ce "Zakanya tashi, kashe fitila"? Yara da tsofaffi za su gajarta ta, ta ƙi amsawa, su koma maɓallin bango.

Makerin_Allo:
A nan ina tare da Baban Amira rabi. Ba dole a jefar da "Bala" nan take ba. Fayil 36 ɗin nan da aka ji abin da ke cikinsu dukiya ce. A mayar da su cikin horo a matsayin "a'a", a kuma sa mutanen gidan su naɗi "ba laifi", "ba labari", "balle", "bala'i" sau da yawa, a kusa da nesa. Sannan a koya wa modal cewa "Bala" ta gaskiya ɗan shiru ke bin ta. Ana yin haka ne ta hanyar sa alamar "e" ta faɗo kimanin milisakan 200 bayan ƙarshen kalmar, ba a kan gaɓar ƙarshe ba. Sai ya koyi jira ya ji ko "ifi" na tafe.

Malama_Sigina:
Dabarar tana aiki, amma ka faɗi farashinta. Daga ranar dole mai kira ya ce "Bala", ya dakata, sannan ya ba da umarni. Wanda ya ce "Bala kashe fanka" a numfashi ɗaya ba za ta ji shi ba. Kuma in hira ta zo kan wani mai wannan suna, ba horon da zai cece ka, don kalmar ce aka faɗa da gaske.

Ƙanwar_Injiniya:
Malama, ni abin da ban gane ba, ina ake samun dubban muryoyin horo? Gida ɗaya mutum nawa ne?

Malama_Sigina:
Ƙanwata, yawanci ƙirƙirarsu ake yi. microWakeWord da openWakeWord duka suna amfani da Piper, manhajar da ke mai da rubutu murya, ta furta kalmar da muryoyi iri-iri, da sauri da a hankali. Sai a cakuɗa su da hayaniya, irin tarin MUSAN mai kiɗa da magana da ƙara, a kuma ɗora musu amsa-kuwwar ɗakuna dabam-dabam. Wannan na ƙarshen shi ne maganin matsalar bakin ƙofa da Baba ya bayyana.

Matsalar ita ce muryoyin da aka fi amfani da su wajen wannan na Turanci ne. Suna furta kalmar da nasu lafazin, ba su san tsawon wasali da hawa da saukar murya irin na mai gidan ba. Sai modal ya koyi wata kalma da ta yi kama da taka, iyakokinta kuma su yi faɗi. Don haka muryoyin gaske, ko da na mutum goma ne, maza da mata da yara, a ba su nauyi mai yawa a horo. Kuma a naɗe su da makirfon na'urar, a cikin akwatinta.

Abu ɗaya da za a kiyaye: in za a raba na horo da na gwaji, a raba da mutum, ba da fayil ba. In muryar mutum ɗaya na ɓangarorin biyu, makin gwaji zai yi kyau fiye da gaskiya.

Tsohon_Rediyo:
Ku dawo kan fayil biyar ɗin nan masu gurnani, kun tsallake su. Ɗan_Lantarki, na'urar tana inda iskar fanka ke dukanta?

Ɗan_Lantarki:
E Baba, tana ƙarƙashinta kaɗan, ramin makirfon na kallon sama.

Tsohon_Rediyo:
To iska ce ke busa ramin. Kunne ba ya jin ta sosai don ƙasa take, amma a lamba babba ce, kuma yanzu da za ka ƙara ƙarfi da 12 dB za ta fi haka. Juya ramin ya kalli gefe, sa siririn soso a bakinsa, ka kuma tace duk abin da ke ƙasa da 80 Hz kafin ya kai ga modal. Maganar mutum ba ta rasa komai a can. Ka buɗe ɗaya daga cikin fayilolin a Audacity ka duba, in ka ga layin na lilo a hankali sama da ƙasa, ita ce.

Makerin_Allo:
Tunda an taɓo sauya ƙarfi da tacewa, a kula. Duk abin da aka yi wa sauti a kan allo kafin ya zama siffofi 40 ɗin da modal ke ci, wato lambobin da ake fitarwa daga kowane ɗan gutsuren sauti, dole muryoyin horo su bi ta irinsa. Hanyar dubawa mai sauƙi ce: ɗauki WAV ɗaya, ka bi da shi ta kod ɗin kwamfuta, ka bi da shi ta kod ɗin allo, ka buga lambobin layi goma na farko ka jera su. In sun yi nisa da juna, modal ɗin da ka gwada a kwamfuta ba shi ne ke bango ba.

Shiru_Kalau:
Ni abin da ya fi damuna a labarin ba tashin ba ne, kashe fankar ne. Tashin ƙarya in ba umarni ya biyo baya, fitila ce kawai ta ƙifta. Me ya sa modal na biyu ya ji "kashe fanka" a cikin hirar da ba a faɗe ta ba? Ɗan_Lantarki, aji nawa gare shi?

Ɗan_Lantarki:
Huɗu, umarnin nan huɗu.

Shiru_Kalau:
To an tilasta masa ne. Duk abin da ya ji sai ya jefa shi cikin ɗaya daga huɗun, ba shi da wurin cewa "ban gane ba". Ko misalin `micro_speech` na TensorFlow, mai gane "yes" da "no" kawai, aji huɗu gare shi, biyun su ne `silence` da `unknown`. Ƙara waɗannan biyun, ka cika `unknown` da hira ta yau da kullum. In hakan ya samu, kafin fanka ta mutu da kanta sai modal biyu sun yi kuskure a jere. Daga nan za ka iya sassauta mizanin kalmar kira ma, ta riƙa jin ka daga ƙofa.

Ɗan_Lantarki:
Allah Ya saka muku da alheri. Ga inda nake. Na koma turawa da 14 tare da datsewa, na juya ramin makirfo na sa soso, na ƙara aji biyun. "Bala" na bari tukuna, na sake horo da dabarar Malam Makeri da amsa-kuwwar ɗaki. Na kuma naɗi awa 10 na falo da talabijin, waɗanda ban sa a horo ba, na bi da su ta modal sau ɗaya na ajiye makin, sannan na riƙa sauya mizani a kan lambobin. A 0.90 ta tashi sau 7 cikin awa goman. A 0.97 sau 1. A 0.99 ba ko ɗaya. Kira 50 daga bakin ƙofa kuma, a 0.90 ta ƙi jin 4, a 0.97 ta ƙi jin 9, a 0.99 ta ƙi jin 21. Na tsaya a 0.97.

BabanAmira:
Ka gani ko? A 0.99 sifili ne. Mizanin dai.

Malama_Sigina:
Sifili ne, amma a nan tana ƙin jin kira 21 cikin 50, Baban Amira. Kuma sifili a awa 10 ba ya nufin ba za ta tashi ba. Akwai ƙa'idar uku a lissafi: in ba ka ga abu ko sau ɗaya ba cikin awa N, abin da za ka iya cewa da tabbacin kashi 95 shi ne bai wuce 3 a raba da N ba a kowace awa. A awa 10, 0.3 ke nan, wato tana iya tashi sau ɗaya duk awa uku da 'yan mintoci kuma gwajin ya fito haka. Mai son cewa ba ta wuce sau ɗaya a awa 10 ba, sai ya kawo awa 30 babu tashi.

Malam Ɗan_Lantarki, ci gaban a bayyane yake, daga shida a awa zuwa ɗaya a awa goma. Amma 9 cikin 50 ɗin nan sun yi yawa. Su wane ne ba a ji ba, kuma yaya suka faɗe ta?

Ɗan_Lantarki:
Shida daga ciki ƙaramin yarona ne, yana haɗe "Bala" da umarnin ba ya dakatawa. Ukun kuma lokacin talabijin na da ƙarfi ne.

Makerin_Allo:
Wannan shi ne farashin da Malama ta ambata, na yarda. Amma kafin a sauya suna, a gwada rage jiran daga milisakan 200 zuwa 100, a ƙara muryar yara a horo. "Ifi" ɗin tana farawa nan take bayan "la", ba ta buƙatar dogon jira.

Malama_Sigina:
Zai iya rage shidan, amma ina zargin "ba labari" za ta dawo, don akwai ɗan rufewar leɓe kafin b ta biyu, kuma daga nesa tana kama da shiru. Tunda awa goman na hannunka, ka horar da "Zakanya tashi" da irin kayan da ka yi wannan, ka bi da su duka biyun ta sauti ɗaya, ka sa yaron ya yi kira 50 ɗin a kowanne. Ka turo mana lambobin a mizani ukun nan.

Mai_Solda:
In za ka gwada biyun a kan allo lokaci ɗaya, ka duba memori tukuna. Kowane modal na buƙatar nasa `tensor_arena`, wato memorin da yake aiki a ciki, amma siffofi 40 ɗin sau ɗaya za ka lissafa su ka ba su duka. Ka auna lokacin da biyun ke ci a jere, in ya haura milisakan 30 sauti zai fara zubewa, kuma lambobin da za ka turo ba za su zama na modal ɗin ba.